Musanya da Cirewa a Kimiyyar Sinadaran Karbon

Musanya da cirewa hanyoyi biyu ne da sinadari mai ɗauke da halojin, wato atam kamar Br ko Cl, irin su CH3CH2Br ko (CH3)3CCl, yake bi idan ya haɗu da wani sinadari mai wadatar elektaron. A musanya, baƙon sinadarin yana kama karbon ɗin da halojin yake manne da shi, halojin ya fita, baƙon ya zauna a gurbinsa. A cirewa kuwa, baƙon yana fizge haidirojin daga karbon ɗin da ke maƙwabtaka, halojin shi ma ya fita, sai ɗauri biyu ya samu tsakanin karbon ɗin nan biyu, abin da ake kira alken. A tsangayar kimiyya ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, ɗalibai suna haɗuwa da hanyoyin nan da laƙabinsu na SN1 da SN2 ga musanya, E1 da E2 ga cirewa, inda SN2 da E2 suke faruwa a mataki ɗaya, a SN1 da E1 kuwa halojin ne yake fara fita da kansa, laƙaban da suka samo asali daga aikin Christopher Ingold da Edward Hughes a birnin Landan, musamman a shekarun 1930.

Abin da ya sa batun yake da wuya shi ne, sinadari ɗaya ne yake iya yin aikin biyu. Etoksid, wato CH3CH2O⁻, idan ya kai hari ga karbon ana kiransa nukiliyofil, idan kuma ya kama haidirojin ana kiransa bas, amma a cikin kwalba shi ɗin ne dai, kuma hanyoyin biyu suna gudana lokaci guda. Saboda haka tambayar da masani yake yi ita ce wace hanya ta fi sauri a yanayin da ake ciki, domin rabon abin da za a samu a ƙarshe yana bin rabon saurin hanyoyin.

Siffar sinadarin da ake kai wa hari

A hanyar SN2, komai yana faruwa a mataki ɗaya. Dole nukiliyofil ya shigo ta bayan karbon, ta gefen da yake kishiyar inda halojin yake fita, har sauran abubuwa uku da ke manne da karbon ɗin su kife zuwa ɗaya gefen kamar lemar da iskar hadari ta juya. Paul Walden ne ya fara lura da irin wannan juyi a 1896. Tun da ƙofar shiga ɗaya ce, duk reshe na wani karbon da aka ƙara wa karbon ɗin a gurbin haidirojin yana ƙuntata ta. Haidirojin ɗin maƙwabcin karbon kuwa a bakin waje yake, ba abin da ya tare shi, kuma kowane reshe da aka ƙara yana zuwa da nasa haidirojin. Wato cunkoson da yake toshe hanyar SN2 shi ne yake buɗe wa E2 ƙarin ƙofofi, ga shi kuma alken mai rassa da yawa ya fi kwanciya.

Ana ganin haka sarai idan aka ɗauki etoksid a cikin etanol aka gwada shi da biromid uku. Da CH3CH2Br, wanda karbon ɗinsa yake da reshe ɗaya, a zafin digiri 55, kimanin kashi 90 cikin ɗari musanya ake samu, wato eter, kashi 10 kawai ne suke zama etilen. Da (CH3)2CHBr mai rassa biyu, a wannan zafin, lamarin yana juyewa: kusan kashi 79 cirewa, kashi 21 musanya. Da (CH3)3CBr mai rassa uku, ko a digiri 25 kimanin kashi 91 alken ne, kuma ɗan eter ɗin da ake samu ba ta SN2 ya zo ba, domin wannan ƙofar ta rufe gaba ɗaya. Shi kuwa CH3Br ba ya iya cirewa sam, tun da ba shi da karbon na biyu da zai ba da haidirojin.

Sinadari mai rassa biyu shi ne inda ake yawan yin kuskure, don haka ya dace a bi lissafinsa. A ce an zuba giram 12.3 na (CH3)2CHBr, wato mol 0.1, da niyyar samun eter CH3CH2OCH(CH3)2. Da an samu musanya zalla, da an tattara giram 8.8. Amma da rabon 21 da 79, eter ɗin bai wuce mol 0.021 ba, ƙasa da giram 2, sauran mol 0.079 kuma sun zama furofen, CH3CH=CH2, wanda iska ce a zafin ɗaki, kusan lita 2, kuma tana ficewa ta bakin kwalba ba tare da ta bar komai ba. Ɗalibin da bai san haka ba yakan zaci ya zubar da kayansa ne a wurin tacewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a bi da iskar da ke fita ta cikin ruwan biromin, idan launin ruwan goro ya gushe, to alken ne.

Girman bas ɗin da ƙarfinsa su ma suna da tasiri. Idan aka sauya etoksid da asetat, CH3COO⁻, wanda bas ne mai rauni, domin asid ɗinsa yana da pKa kusan 4.8, na etanol kuwa kusan 16, kuma ƙaramin pKa na asid alama ce ta raunin bas ɗinsa, wannan biromid mai rassa biyu yana ba da musanya kusan zalla. Idan kuma aka kawo (CH3)3CO⁻, wanda yake da ƙarfi kuma ƙato ne, ko biromid mai reshe ɗaya yakan karkata ga cirewa, saboda a wannan karon cunkoson yana jikin maharin.

Aikin ruwan narki

Ruwan da aka narka sinadaran a ciki yana shiga maganar ta fuska biyu, kuma raba su yana da amfani. Fuska ta farko ita ce ko halojin zai iya fita da kansa tun kafin a kai hari. Ruwa da etanol suna da haidirojin manne da oksijin, suna iya kewaye Br⁻ ko Cl⁻ da zarar ya ɓalle, suna kuma kwantar da karbon mai caji da ya rage, wanda ake kira karbokatiyon. Ƙarfin ruwa na raba caji, a ma'aunin dayalektirik, ya kai kusan 80, na etanol kusan 24, kuma (CH3)3CCl yana rabuwa a cikin ruwa da saurin da ya ninka na cikin etanol kimanin sau 100,000. Wannan rabuwar ita ce mataki na farko, mai tafiya a hankali, na SN1 da E1 duka biyun. Sinadarai masu rassa uku ne suka fi bin ta, domin karbokatiyon ɗinsu ya fi kwanciya. Masu reshe ɗaya kusan ba sa bin ta.

Bayan karbokatiyon ya samu, sai hanya ta rabu: ko ruwan narkin ya manne masa, ko ya ɗauke masa haidirojin. Ga (CH3)3CCl a cikin etanol kashi 80 da ruwa kashi 20, a digiri 25, ana samun kusan kashi 83 musanya da kashi 17 alken. A kwatanta wannan da kashi 91 na alken da aka gani a sama: tsarin karbon iri ɗaya ne, bambancin shi ne can akwai bas mai ƙarfi, nan babu. Aibin wannan hanya shi ne ba a iya sarrafa ta sosai, kullum gauraye take bayarwa, kuma karbokatiyon yakan sake tsarin jikinsa a haifar da abin da ba a nema ba. Shi ya sa mai son alken yakan gwammace ya tilasta E2 da bas mai ƙarfi.

Fuska ta biyu ita ce yadda ruwan narki yake riƙe maharin kansa. A cikin etanol, aniyon, wato ƙwaya mai cajin negatif, irin su CN⁻ ko N3⁻, yana kewaye da ƙwayoyin ruwan narki da suka ɗaure shi ta haidirojin, dole ya kuɓuce musu kafin ya isa karbon. Aseton, DMF da DMSO ba su da irin wannan haidirojin. Suna kama Na⁺ ko K⁺ da kyau, su bar aniyon a sake, sai SN2 ta yi sauri, wani lokaci ninki dubbai. Daga nan ne aka samo ƙa'idar da ɗalibai suke haddacewa, wai irin wannan ruwan narki na musanya ne. Ƙa'idar gaskiya ce ga aniyon mai raunin bas, amma tana da iyaka, domin aniyon da aka saki ƙarfinsa na bas ma yana ƙaruwa. (CH3)3COK a cikin DMSO yana cikin haɗin da aka fi dogara da shi don cirewa, kuma babu ruwan narkin da zai buɗe ƙofar SN2 a karbon mai rassa uku.

Tsohuwar ƙa'idar aji, cewa da sinadari mai halojin, KOH a cikin ruwa yana ba da alkol, KOH a cikin etanol mai zafi kuma yana ba da alken, tana da tushe a nan. A tsakiyar matakin E2 caji yana bazuwa a kan atam da yawa fiye da na SN2, kuma ruwa, wanda ya fi son caji a dunƙule, ya fi rage wa E2 gudu. Zafi kuwa yana goyon bayan cirewa, saboda tana buƙatar ƙarin kuzari kafin ta fara, tana kuma raba ƙwayoyi biyu su zama uku. (CH3)3CBr ɗin da ya ba da kashi 91 a digiri 25 yana ba da alken kusan zalla a digiri 55. Wannan abin lura ne ga mai aiki a Nijar, domin zafin ɗakin da littattafai suke nufi digiri 20 zuwa 25 ne, alhali a watan Afrilu a Tawa ko Yamai ɗakin gwaji marar sanyaya yakan kusanci digiri 40.

Misali na zaɓen hanya

A ce ana son haɗa eter (CH3)3COCH3 ta hanyar Williamson, wadda aka sani tun 1850. A takarda akwai haɗi biyu, kuma duka suna kama da daidai. Na farko shi ne CH3O⁻ da (CH3)3CBr: nan an sa bas mai ƙarfi a gaban karbon mai rassa uku da haidirojin tara a bakin waje, sakamakon kuma isobuten ne, (CH3)2C=CH2, wanda yake tafasa a digiri 7 ƙasa da sifili, sai ya tashi ya bar kwalba. Na biyu shi ne (CH3)3CO⁻ da CH3I. Bas ɗin ya ma fi na farko ƙarfi da girma, amma CH3I ba shi da haidirojin maƙwabci da za a fizge, ƙofar bayansa kuma a buɗe take, don haka SN2 kaɗai ta rage, a samu eter mai tafasa a digiri 55. Idan reshen da ake son mannawa CH3CH2 ne a maimakon CH3, haɗi na biyun ne dai za a zaɓa, sai dai a sa ran wani kaso zai tafi a matsayin etilen, kuma a riƙe kwalbar cikin ruwan sanyi don a rage shi.