Waiwaye: Yadda awa 48 ta zama iyakar tsare mutum a Ghana

An daɗe a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango na Kumasi ana cewa wanda aka kama ranar Juma'a da yamma sai Litinin zai ga alƙali. Wannan magana ba ta da gurbi a doka yanzu, amma ba a kai ga haka cikin sauƙi ba.

A 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa dokar da ta ba da izinin tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi kotu ba. Cikin waɗanda ta rutsa da su akwai Baffour Osei Akoto, babban kakakin Asantehene, sarkin Asante, a nan Kumasi, wanda aka tsare tare da wasu mutum bakwai. Lauyansu J. B. Danquah ya kai maganar har Kotun Ƙoli, amma a 1961 kotun ta ce alkawarin kare 'yancin jama'a da ke cikin kundin tsarin mulkin 1960 ba haƙƙi ba ne da kotu za ta iya tilastawa, wanda bai gamsu ba sai ya jira ranar zaɓe. Shi kansa Danquah a tsare ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. Gwamnatocin soja da suka biyo baya su ma sun yi ta tsare mutane da dokokinsu.

Da wannan tarihi aka rubuta sashe na 14 na kundin 1992. Ya ce dole a sanar da wanda aka kama nan take, cikin harshen da yake ji, dalilin kama shi da kuma haƙƙinsa na samun lauyan da ya zaɓa. In ba a sake shi ba, dole a gabatar da shi gaban kotu cikin awa 48. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya.

Sai dai an shekara fiye da ashirin ana lissafin awannin kamar Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa ciki, da hujjar cewa kotuna a rufe suke. Lauya Martin Kpebu ne ya ƙalubalanci haka, kuma a Disamba 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa awa 48 tana nan awa 48 kowace rana ce, ta kuma umarci a tanadi kotunan da za su zauna a irin waɗannan ranaku. Tun a 2016, a wata ƙarar da shi dai ya shigar, kotun ta soke tanadin da ya hana beli gaba ɗaya a wasu manyan laifuffuka kamar kisa da fashi.

A ɗauka an kama wani saurayi a Aboabo ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma bisa zargin sayen wayar sata. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da aka kama shi, ba daga lokacin da aka rubuta sunansa a kantar 'yan sanda ba, saboda haka wa'adin zai cika ranar Lahadi da ƙarfe huɗu. Kafin nan, ko dai 'yan sanda su ba shi beli ya riƙa zuwa ofishinsu yayin da bincike ke gudana, ko su kai shi gaban alƙali, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa a ci gaba da tsare shi. Shi ya sa yake da amfani dangi su rubuta lokacin kamun, domin a kansa gardama take tashi.

A cikin waɗannan awanni ne ake ɗaukar jawabinsa, kuma a ganina nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Kafin a fara, sai an gargaɗe shi cewa ba dole ne ya ce komai ba, amma abin da ya faɗa za a rubuta, ana kuma iya kafa hujja da shi a kotu. Dokar shaida ta 1975 ta ƙara wani sharaɗi: in wanda ke tsare ya amsa laifi, ba za a karɓi jawabin ba sai an yi shi a gaban wani mai shaida mai zaman kansa, wanda yake jin harshen wanda ake tuhuma, yake kuma iya karanta harshen da aka rubuta jawabin. Saurayin da ya yi bayani da Hausa, aka rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa ba tare da an karanta masa an fassara ba, lauyansa yana da hujjar neman kotu ta yi watsi da takardar.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda dokar 2018 ta kafa, ko da yake lauyoyinta ba su wadaci masu buƙata ba. Wata matsalar da hukuncin 2019 bai taɓa ba ita ce belin da ake bayarwa cikin wa'adi amma da sharaɗin da dangi ba za su iya cikawa ba, kamar kawo masu tsayawa da takardun gida ko fili, sai mutum ya ci gaba da kwana a sel alhali a takarda an ba shi beli.