Masu Jakai, a Daina Labta Kaya a Kan Miki

Cikin jakan da ake kawo mana don magani, da wuya a ɗaga akumari ba a tarar da miki a ƙarƙashi ba. Mai jakin ya shafa baƙin man inji ko ya barbaɗa toka, ya mayar da akumari, ya labta kaya. Haba jama'a! Ta yaya fata za ta haɗe ana gurzarta kullum? Baƙin mai yana ƙona naman da ke ƙoƙarin tsirowa, yana kuma riƙe datti a ciki.

Jaki dabba ne mai ɓoye ciwo, shirunsa ba lafiya ba ne. Kowace yamma idan kun sauke kaya, ku bi bayansa da tafin hannu, da ƙirji, da inda majayi ke zama, da gindin wutsiya. Wurin da ya yi zafi, ko ya kumbura, ko gashi ya fara zubewa, nan miki zai fashe. Idan ya riga ya fashe, ku zuba gishiri ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ku wanke safe da yamma, ku kare shi daga ƙuda, ku hutar da jakin. Na san da shi ake ciyar da gida, kuma hutun kwana goma asara ce. Amma gyambon da ya kai ƙashin baya watanni yake ɗauka. In fitar ta zama dole, ku naɗe tsumma mai laushi kamar gammo, mikin ya zauna a tsakiyar ramin, kada komai ya taɓa shi. Kaya a kan miki dai, a'a.

Buhun leda da igiyar roba su ne manyan masu laifi, domin ba sa shan gumi, yanka suke yi. A sa shimfiɗar auduga mai kauri a gefe da gefe, a bar ƙashin baya ba nauyi a kansa, a daidaita kayan hagu da dama. Jaki mai kilo 150 kada kayansa su wuce kilo 50.

Ramammen jaki ya fi saurin yin miki, don ba tsoka tsakanin ƙashi da akumari. Jaki irin wannan na bukatar busasshiyar ciyawa ko kara kilo biyu da rabi zuwa uku a yini, a ƙara masa 'yar dusa ranar aiki, kada a cika masa hatsi. Ruwa mai tsabta sau uku ko fiye. Kada a bar shi kiwo a juji yana haɗiyar leda.

Kofato kuwa, a ƙwaƙule laka da tsakuwa kullum, a datse bayan mako shida zuwa goma, a ɗaure shi a busasshen wuri. Baƙin ruwa mai wari a ƙasan kofato alamar ruɓa ce. Tsutsa ko mugunya a miki, ɗingishi, sandarewar jiki, ko jaki ya ƙi cin abinci yini guda, a nemi likitan dabbobi a ranar.