Waiwaye: Yadda dalma ta hana matatar hayaƙin mota aiki shekara ashirin

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin mota a gareji ya ga wani ƙullutun ƙarfe a jikin salansa, kusa da inji. Shi ne matatar hayaƙin mota. Makanikai a Najeriya suna ce masa indomi, saboda abin da ke cikinsa ya yi musu kama da taliyar. Abin cikin tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wajen rami 400 a faɗin inci ɗaya tsaye da kwance. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda duka nauyinsu bai wuce 'yan giram ba.

Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da guba iri uku: kabon monoksaid, wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, sai ragowar fetur da bai ƙone ba, sai haɗin naitirojin da oksijin da zafin inji ke haifarwa. Idan hayaƙin ya ratsa ramukan, rodiyam yana raba naitirojin da oksijin, naitirojin ta fita abinta, don dama ita ce mafi yawan iskar da muke shaƙa. Filatinam da faladiyam kuma su haɗa oksijin da sauran guba biyun, su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa. Ƙarafan ba sa ƙarewa, wurin haɗuwa kawai suke bayarwa, kamar dillalin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Amma sai zafinsu ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 suke kama aiki, shi ya sa hayaƙin motar da aka tayar da sassafe ya fi ɗaci.

Dalma ta riga wannan na'ura zuwa. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a fetur yana hana inji ƙwanƙwasawa, kuma a 1923 aka fara sayar da irin wannan mai a Amurka. Lokacin da Eugene Houdry, injiniya ɗan asalin Faransa, ya ƙera matatar hayaƙin mota a shekarun 1950, kusan duk man da ke kasuwa mai dalma ne, don haka ƙirarsa ta zauna jiran lokaci.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Dalma ba ta ƙonewa ta ɓace. Takan fito tare da hayaƙi, ta manne a kan ƙarafan nan, ta lulluɓe su kamar an shafa fenti a kan madubi. Aikin kuwa gaba ɗaya a saman ƙarfen yake gudana, to idan hayaƙi bai taɓa shi ba, yadda ya shiga haka zai fita. Cika tanki 'yan lokuta kaɗan ya isa ya yi mummunar ɓarna, kuma ba ta wankuwa. Abin da ya fi damuna shi ne direba ba ya jin komai, motar tana gudu lafiya lau alhali gubar tana fita.

Doka ce ta raba gardamar. A 1970 Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin 100. Motocin 1975 suka fito da matatar, gidajen mai suka kawo fetur marar dalma, aka kuma ƙuntata bakin tankin sababbin motoci yadda kan famfon mai dalma ba zai shiga ba. Matatun farko guba biyu kawai suke iya gyarawa. Motocin Volvo na 1977 ne suka zo da mai gyara ukun, tare da na'urar auna oksijin da ke riƙe haɗin iska da fetur a kan nauyi 14.7 na iska ga 1 na fetur. Ita ma wannan na'urar dalma tana kashe ta.

Mu a nan mun makara. Sai bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka sa wa kansu wa'adi, suka daina sayar da mai dalma zuwa farkon 2006. Kafin nan, motar Kwatano da ta iso da lafiyayyar matata ba ta daɗewa take rasa ta. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Yau abin da ke cinye matatar daban ne. Inji mai shan baƙin mai yana lulluɓe ta da toka, fulogin da ya daina wuta kuma yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinta har tangaran ɗin ya narke ya toshe. A nan direba zai ji mota ta rasa ƙarfi a hawa, ko ya ji ɓaraguzai suna kaɗawa a salansa. Idan makanike ya jona kwamfuta ta nuna P0420, matatar ta daina tacewa yadda ya kamata, sai a duba fulogi da shan baƙin mai kafin a sayi sabuwa.