Zubin hoto shi ke faɗa maka inda mim ko sikirinshot ya dosa: tambayoyi da amsoshi

Ana turo mana hotunan barkwanci a gurup, kowa yana dariya, ni kuwa sai in tsaya zugum. Daga ina zan fara kamo zaren?

Ka rufe rubutun da babban yatsa tukuna, ka kalli hoton tsurarsa. Yawancin mim, wato irin waɗannan hotunan barkwanci, zubi ɗaya ne da dubban mutane suke ara, kowa ya ɗora masa maganarsa, kuma ma'anar a jikin zubin take tun kafin a rubuta harafi ɗaya. Sai ka lura da gida nawa aka raba hoton, da inda rubutun ya zauna: a sama da ƙasa, a gefe, ko a jikin mutanen da ke ciki.

Ɗauki misalin hoton nan na mutum uku a bakin titi. Saurayi ne cikin riga mai gida-gida, yana riƙe da hannun budurwarsa, amma ya waiga yana bin wata mai jar riga da kallo, ita kuma budurwar ta saki baki cikin takaici. Mai ɗaukar hoto Antonio Guillem ne ya ɗauke shi a Girona ta ƙasar Sifen a 2015 don sayarwa ga masu talla, ya kuma cika gari a watan Agustan 2017. A wannan zubin rubutu yana zama a jikin mutanen, kuma matsayin kowa ba ya canzawa. Saurayin shi ne mai zaɓi, budurwar ita ce abin da ya wajaba a kansa, mai jar riga kuma abin da ke ɗauke masa hankali. In ka ga an rubuta "ɗalibi" a kansa, "karatun jarrabawa" a kan budurwar, "wasan ƙwallo" a kan mai jar riga, ka gama karanta zancen. Da za a musanya sunayen matan biyu, da ma'anar ta juye gaba ɗaya alhali kalmomin ba su canza ba.

Haka zubin nan mai gida biyu na mawaƙi Drake cikin jaket ruwan lemo: a sama ya kau da kai yana tarewa da hannu, a ƙasa yana murmushi yana nuni da yatsa. Abin da ke gefen sama shi aka ƙi, na ƙasa shi aka zaɓa, sau da yawa da gatse, domin na ƙasan ne ya fi rashin kan gado.

Salon rubutun kansa yana nuna wani abu?

Yana nuna zamani. Manyan fararen haruffa masu kauri da baƙin gefe, layi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, rubutun da ake kira Impact ne, kuma yayinsa ya fi ƙarfi daga wajen 2007 zuwa farkon shekarun 2010. Layin sama shimfiɗa ne, na ƙasa shi ne mai kawo dariyar. Daga baya aka koma farin fili a saman hoto da ƙananan haruffa baƙaƙe, wanda asalinsa saƙon Twitter ne aka ɗauka tare da hotonsa. A irin wannan, rubutun yana kafa yanayi, fuskar da ke hoton kuma ita ce amsa. Nan ne fuskar ɗan wasa Osita Iheme ta tsofaffin finafinan kudancin Najeriya ta yi kasuwa a duniya wajen 2019, a hannun mutanen da ba su ma san sunansa ba.

Sai dai kar ka yanke hukunci da haruffa kaɗai. Har yau ana yin sabo da Impact, wani don manhajar da ya samu ke nan, wani da gangan don ya yi shaƙiyanci da tsohon yayi.

An turo mini sikirinshot ɗin wani saƙo da aka ce wani babban mutum ya rubuta a Twitter a 2016. Ya zan san ko gaskiya ne?

A nan akwai lokaci biyu, kuma haɗa su shi ne kuskuren da aka fi yi. Akwai ranar da aka rubuta saƙon, akwai ranar da aka ɗauki hotonsa. Fasalin manhajar ranar ɗaukar hoto kawai yake nunawa. Twitter ta mayar da alamar nuna son saƙo daga tauraro zuwa zuciya a Nuwamban 2015, ta mayar da hoton mai shafi zagayayye a Yunin 2017, ta koma X a Yulin 2023. Don haka saƙon 2016 da hoton mai shi a zagaye ba abin zargi ba ne, domin duk wanda ya buɗe tsohon saƙo yau a sabuwar riga zai gan shi.

Abin da ke tona asiri shi ne abin da ke manne da saƙon kansa. Fara da ƙirga haruffa, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Kafin Nuwamban 2017 iyakar saƙo ɗaya haruffa 140 ce, saboda haka saƙo mai haruffa 230 da kwanan watan 2016 ƙirƙirarre ne, babu wata kwana-kwana. Sannan duba ƙasan saƙon. Ƙididdigar `Views`, wato sau nawa aka kalli saƙo, ta fara ne a Disamban 2022, kuma ba ta fitowa a saƙonnin da suka girme ta da shekaru. Sunan da ke bin alamar @ kuma ba ya wuce haruffa 15. Shuɗin makin tantance shafi kuwa ya daina zama shaida tun da aka fara sayar da shi a ƙarshen 2022.

In duk waɗannan sun yi daidai, ba ka gama ba. Mai kwamfuta yana iya buɗe shafin gaske, ya danna `Inspect` a burauza, ya sauya kalmomin a allonsa, ya ɗauki hoto, komai na fasalin ya fito cif. Maganin wannan shi ne neman asalin saƙon a akwatin bincike na X:

```
from:sunan_shafi "kalmomi uku daga saƙon"
```

Rashin samunsa ba ya tabbatar da ƙarya, tunda ana goge saƙo. Amma babban mutum ya yi magana mai zafi a ce hoto ɗaya tak ke yawo, da yanka iri ɗaya da adadin masu so iri ɗaya a ko'ina, wannan alama ce mai ƙarfi. Maganar gaske mutane da yawa ne ke ɗaukar ta, a wayoyi daban-daban, wasu allonsu fari wasu baƙi.

Hirar WhatsApp fa, da ake cewa an bankaɗo?

Saƙon mai wayar yawanci yana dama cikin kore, na abokin hira yana hagu, kuma maki na isar saƙo a jikin na dama kaɗai yake fitowa. Ke nan daga wayar na dama hoton ya fito. In aka ce wayar wane aka kama, amma maganganunsa suna hagu, labarin ya karye. Sunan da ke sama ma ba hujja ba ne, don mai waya ne ke ajiye lamba da sunan da ya ga dama.

In na kasa gane zubin kwata-kwata fa?

Yanke rubutun ka bar hoton zalla, sannan ka saka shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto. In ka bar rubutun, binciken yakan bi kalmomin ya kawo maka abin da bai shafe ka ba. Shafin bincike da hoto na TinEye yana da zaɓin `Oldest` da ke jero mafi tsufan kwafin da ya sani, wanda ba lallai shi ne na farko a duniya ba. In ka samu sunan zubin, shafin Know Your Meme zai ba ka asalinsa da yadda ake amfani da shi. Rauninsa shi ne abin gida: fuskar ɗan wasan Kannywood da aka yanko daga fim da wuya ka same ta a can, sai ka tambayi mai kallon finafinan ya faɗa maka a wane yanayi aka yi wannan fuskar.