Tambayar mai saye da lambobi: yadda ake jera zaɓi ga wanda ba ya iya dogon rubutu

Malam, ina riƙe wa kawuna wayar shago a kasuwar Dole, muna sayar da hatsi. Mutanen ƙauye sukan aiko "nawa ne buhu" kawai, in na tambaye su buhun me, sai su yi shiru. Yaya zan yi?

Ƙanena, shirun nan yawanci ba raini ba ne. Ka ba mutum aikin da ya fi ƙarfin wayarsa ko kiredinsa. Ka ɗauki ƙaramar waya mai maɓallai ka gwada rubuta "masara" da kanka. M danna ɗaya ne, a ɗaya, s sai ka danna 7 sau huɗu, a ɗaya, r ka sake danna 7 sau uku, a ɗaya. Danna goma sha ɗaya ke nan don kalma guda, ga dattijon da idonsa ya fara rauni, yana tsaye a kan tudu yana neman rezo a wani ƙauyen Dungas. In kai ka yi rubutun, ka bar masa danna ɗaya tak, zai amsa. Ga irin saƙon:

```
Sannu Alhaji.
Wanne kake so?
1 hatsi
2 dawa
3 wake
4 masara
0 a kira ni
Aiko lamba kawai.
```

Kada ka yar da gaisuwar don tsimi, mutumin Damagaram ba ya jin daɗin saƙon da ya faɗo masa ba sallama. Layin ƙarshe ma yana da aiki: in ba ka ce lamba kaɗai ta isa ba, wasu za su ga rashin ladabi ne su aiko "4" tsirara, sai su koma fama da rubutu, ko su bari sai sun sami yaro ya rubuta musu.

Zaɓi nawa ya kamata in sa?

Uku zuwa biyar, sannan sifilin. Allon ƙaramar waya layuka kaɗan yake nunawa, abin da ya sauka ƙasa kuma sai mutum ya gangara kafin ya gani, da yawa ba sa gangarawa. In kayanku sun kai goma, ka kasa su gida-gida: tambayar farko hatsi ne ko wake ko shinkafa, ta biyu kuma wane iri. Ka kuma sa abin da aka fi saye a sama.

Sifilin nan shi ne mafitar wanda bukatarsa ba ta cikin jerin. In babu shi, mai neman dusa zai zaɓi abin da ya fi kusa da ita don kada ya ba ka kunya, kai kuma ka ɗauka ciniki ya faɗa. In an aiko 0, kai ne za ka kira, da kiredinka. Kada ka mayar masa da wani sabon jeri.

Na gwada. Wani ya aiko "2", na auna masa dawa, ashe buhu biyu na hatsi yake nufi.

Nan ne wannan dabara ta fi yin tuntuɓe, don haka bari mu zauna a kai. A ciniki lamba tana da ma'ana uku: lambar zaɓi, adadin kaya, da kuɗi. Mutumin da ya shekara talatin yana sayen hatsi, in ya ga lamba kusa da buhu, adadi ne ke fara zuwa masa. Ya karanta layin farko, ya ga hatsi, dama shi yake so, sai ya faɗi nawa.

Maganin farko: tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, kuma kada kalmar "nawa" ta shiga saƙon da ke da jerin zaɓi. Na biyu: adadi ba a jera masa zaɓi. In ka rubuta "1 buhu biyu, 2 buhu biyar", ka haƙa wa kanka rami. Ka tambaya kai tsaye, "Buhu nawa?", tunda amsar dama lamba ce, danna ɗaya ko biyu.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Kada ka sake farawa daga 1 a tambaya ta gaba, ka ci gaba da ƙirga daga inda ka tsaya. Dalilin shi ne jinkiri. Mai sayenka na iya karɓar saƙonni biyu a lokaci guda bayan ya kai wayarsa caji ranar kasuwa, ya amsa na jiya alhali kai kana jiran amsar na yau. In kowane jeri yana da nasa 2, ba ka da hanyar sanin wanne ya amsa. In lambobin ba su maimaita ba, lambar da kanta za ta gaya maka.

Ga yadda ciniki ɗaya zai tafi daga farko har ƙarshe. Wani daga wajen Magariya ya aiko "nawa ne buhu". Ka aika jerin nan na sama, ya dawo da 4. Saƙonka na biyu ya faɗi kuɗin buhun masara, sannan "Buhu nawa?" Ya ce 3. Yanzu ukun nan ba za ta rikice da wake ba, don babu jeri a saƙon da ya amsa, kuma ya riga ya zaɓi masara. Na uku:

```
Masara buhu 3. Ina za a kai?
5 zan zo Dole
6 a kai tasha
7 a kai gida cikin gari
0 a kira ni
```

Ya aiko 6. Kafin ka ɗora wa mai amalanke ko buhu ɗaya, sai saƙon tabbatarwa: "Masara buhu 3, a kai tashar Magariya. 8 haka ne, 9 akwai gyara." Duka cinikin ya ci masa danna huɗu. Ka lura kowane saƙo yana maimaita abin da aka riga aka tsayar, saboda kuskure ya fito tun ana iya gyara shi. Da ka yi wa mai buhu biyun nan haka, da ya ga "dawa" ya dakatar da kai.

Game da kuɗi kuma, ka san mu a nan da dala muke ƙirga, takarda kuma da faran take. Wanda ya ce ɗari biyu a baki jikka ɗaya yake nufi, wato faran 1000. Saboda haka duk kuɗin da ka rubuta ka sa masa F a gefe, ko ka rubuta "jikka" da haruffa, kuma kada ka manna shi da lambar zaɓi a layi ɗaya ba tare da kalma a tsakaninsu ba.

Wani lokaci saƙo ɗaya nake aikawa amma a cire mini kuɗin biyu. Me ke jawo haka?

Haruffanmu masu lanƙwasa ne. Saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazara da sauka layi, muddin duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM tun asali. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, wayar takan sauya wa saƙon gaba ɗaya tsari, iyakarsa ta faɗo zuwa 70. In ya wuce iyaka sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa haruffa 153 a tsarin farko, 67 a na biyu, kowace kuma da kuɗinta.

Jerin hatsin nan na sama yana da haruffa kusan 90, saƙo ɗaya ne. Ka cire masara ka sa "gyaɗa" da ɗ ɗinta, ya zama biyu. Ƴan hotunan fuska da ake sawa a saƙo ma haka suke yi, haka ê ta Faransanci, ko da yake é da à ba su da matsala. Yawancin wayoyi suna nuna ƴar ƙididdiga a gefen wurin rubutu, in ka ga ta yi tsalle daga ɗari da wani abu ta koma ƙasa da 70, wani harafi ne ya shigo.

Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, amma a SMS na ciniki ina rubuta "gyada", ba wanda ya taɓa kawo mini wani abu daban. Akwai ƙarin dalili: wasu tsofaffin wayoyi ba su san ɗ ba, akwati suke nunawa a gurbinta. Inda cire lanƙwasa zai sauya ma'ana, kamar ƙasa da kasa, sai ka nemi wata kalma. A WhatsApp babu wannan iyaka, ka rubuta yadda ya dace.

To ai WhatsApp yana da wurin kaɗa ƙuri'a. Ba ya fi sauƙi ba?

Yana da shi tun 2022, yana ɗaukar zaɓi har 12, kuma yana da kyau ga taron ƴan adashi masu manyan wayoyi. Ga mai saye ɗaya-ɗaya na fi son lambobi a rubuce. Suna aiki a kowace waya, kuma wanda datarsa ta ƙare bayan ya karanta yana iya amsa maka ta SMS da lambar nan dai.

Waɗanda ba su karanta boko fa?

Da yawansu sun san lambobi sarai, daga kuɗi da kuma lambobin waya. Ga mai WhatsApp, ka yi masa gajeren saƙon murya, ka faɗi zaɓin da lambarsa, ka tsaya a uku. Kunne ba ya komawa baya kamar ido, abin da aka faɗa a ƙarshe shi ke maƙalewa, don haka ka maimaita jerin sau biyu. Ka fara faɗin kayan kafin lambar, "in hatsi ne, danna ɗaya", don mutum ya ji abin da yake so sannan ya kama lambar da ta biyo baya. Ka tuna murya ta fi rubutu cin data nesa ba kusa ba, daƙiƙa ashirin ta isa.

In mai sayen almajiri ne da ya saba da lambobin Larabci, ka yi hattara da guda biyu: biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilin boko, shidansu kuma ta yi kama da bakwai. Ga irinsa ka tsaya a 1, 2, 3, mafitar kuma ka ce ya yi maka bip kawai, ka kira shi.

Akwai lokacin da bai kamata in aika jeri ba?

In za ka iya gane abin da mutum yake so ba tare da tambaya ba. Hajiyar da take sayen wake wurinku duk wata, in ta ce "nawa ne buhu", ka faɗa mata kuɗin wake, ka ƙara da "in wani abu ne daban, aiko 0". Haka in kaya biyu ne kawai a shago, ka faɗi kuɗin duka biyun a saƙo ɗaya, ka huta da zagaye guda. Sai kuma maganar bashi, ko ƙorafin an kai buhu da ƙwari, ko neman ragi. Wanda ya aiko yana cewa hatsin da aka kai masa ya yi ƙasa da awo, in ka mayar masa da "1 a canza, 2 a mayar da kuɗi", zai ji kamar ka rufe masa ƙofa. Wannan ka miƙa wa kawunka wayar ya kira shi da bakinsa.