Cinikin ramuwa

Cinikin ramuwa shi ne ɗan kasuwar hannun jari, canjin kuɗaɗen waje ko kirifto ya sake shiga kasuwa da gaggawa bayan ya tafka asara, da niyyar dawo da abin da ya rasa nan take. A irin wannan shiga ba tsarin cinikinsa ne ya nuna masa dama ba, zafin asarar ne ya tura shi. Galibi yakan zuba kuɗi fiye da yadda ya saba, a kan kayan da suka ci shi ɗazu, shi ya sa ake kwatanta abin da ramuwar gayya, duk da cewa kasuwa ba ta san da zamansa ba.

Tushen abin

A 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa mutum ba ya auna riba da asara da mudu ɗaya. A wani aikinsu na 1992 sun ƙiyasta cewa zafin asara ya ninka daɗin riba mai girma ɗaya fiye da sau biyu. Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne ɗaya ɓangaren binciken: wanda yake cikin asara ya fi yarda ya yi kasada, muddin akwai ɗan tsammanin ya koma inda yake. Hakan bai tsaya ga sababbin shiga ba. Joshua Coval da Tyler Shumway sun bibiyi ƙwararrun dillalan kasuwar Chicago, kuma a 2005 suka wallafa cewa waɗanda suka yi asara da safe sun fi sauran ɗaukar babbar kasada da rana.

Yadda lissafin yake tafiya

A ɗauki mai jarin dala 1,000 da yake cinikin yuro da dala. Dokarsa ita ce kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 cikin ɗari na jarin, wato dala 10. Ya shiga da lot 0.05, lot kuwa shi ne ma'aunin girman ciniki, inda kowane maki na motsin farashi, wanda manhaja ke kira `pip`, yake daidai da rabin dala, ya kafa `Stop Loss`, wato umarnin rufe ciniki idan asara ta kai wani mataki, a nisan maki 20. Farashi ya juya, dala 10 ta tafi. Zuwa nan babu abin da ya ɓaci, domin wannan asara ce da aka riga aka ware mata wuri.

Ɓarnar tana farawa ne minti biyu bayan haka. Ya ninka zuwa lot 0.10 don ya maido da goman har da riba, sai ya rasa 20. Ya koma 0.20 ya rasa 40, ya koma 0.40 ya rasa 80, ya ƙarasa da 0.80 ya rasa 160. Ciniki biyar, asarar dala 310, saura 690. Kafin ya koma 1,000 sai ya ci ribar kusan kashi 45 cikin ɗari a kan abin da ya rage. Da ya tsaya a lot ɗinsa na farko, faɗuwa biyar ɗin nan dala 50 kawai za ta ci, kuma ribar kashi 5 da ɗoriya ta isa ta rufe gibin. Faɗuwa biyar a jere ba baƙon abu ba ce, tana samun mai kyakkyawan tsari ma. Ninkawar ce ta mayar da ita masifa, garin neman gira aka rasa ido.

Wani lokaci ramuwar takan ci, kuma wannan ya fi haɗari, domin mutum zai ɗauka ya gano dabara, ya maimaita ta da kuɗi mafi yawa.

Alamomi

Ana gane sha'awar ramuwa tun kafin a danna komai. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce adadin ribar da mutum yake nema ya yi daidai da adadin da ya rasa. Wanda ya ji kansa yana cewa "bari dai in maido da uwar kuɗina in tashi" ya daina kallon kasuwa, asusunsa yake kallo. Sai kuma gajartar lokaci tsakanin faɗuwa da sabuwar shiga, da sauka daga jadawalin farashi na awa huɗu zuwa na minti ɗaya don neman kowace irin kafa, da matsar da `Stop Loss` nesa ko cire shi gaba ɗaya. Jiki ma yana faɗa: zuciya na bugawa, tafin hannu na gumi, kira ya shigo a ƙi ɗagawa. Gwaji mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa ko zai shiga wannan cinikin, da wannan girman, in da yau bai rasa ko kwabo ba.

Dokokin kariya

Sharaɗin farko shi ne a rubuta doka kafin a buɗe kasuwa, da lambobi, lokacin da rai yake kwance. "Zan yi hattara" ba doka ba ce. Ga mai jarin dala 1,000 na sama, doka mai aiki za ta ce girman ciniki ba ya ƙaruwa bayan asara, kuma da zarar asarar yini ta kai dala 30 an rufe sai gobe. Da wannan kaɗai, ko da ya karya ta farko ya ninka sau ɗaya, da ya tsaya a ciniki na biyu da 970 a hannu. Mutane da yawa suna ƙara hutun dole bayan kowace faɗuwa, kamar rabin awa nesa da waya, sannan a rubuta dalilin shiga a littafi kafin a shiga. Dalilin ramuwa ba ya son takarda, da wuya mutum ya iya rubuta shi bai ji kunya ba.

Raunin waɗannan dokoki a bayyane yake: wanda zai zartar da su shi ne wanda ransa ya ɓaci. Saboda haka dokar da ta fi amfani ita ce wadda ba ta hannunsa. A manhajar ciniki ta MetaTrader ana iya kashe `One Click Trading` don kowace shiga ta buƙaci tabbatarwa. Ana iya barin kuɗi kaɗan a asusun ciniki, sauran a ajiye inda ɗauko su zai ci lokaci, ko a sa wani amintacce ya riƙa duba littafin ciniki kowane yini. Dokokin ba sa mayar da tsari maras kyau ya zama mai riba, aikinsu hana yini ɗaya cinye jarin wata shida. Wanda kuma ya kai ga cin bashi ko ɓoye wa iyalinsa asara don ya ci gaba, matsalarsa ta koma irin ta jarabar caca, kuma tana buƙatar taimakon likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ba gyaran doka kawai ba.

Darasin bankin Barings

Misalin da aka fi sani na bin asara shi ne na Nick Leeson, dillalin bankin Barings na Birtaniya a Singapore. Tun 1992 yake ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888, yana ƙara zubi don ya cike ramin. Da girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairu 1995 ta kayar da kasuwar hannun jarin Japan, sai ya ƙara sayen kwangilolin Nikkei 225, ma'aunin farashin hannayen jarin Japan, da fatan farashi zai farfaɗo. Bai farfaɗo ba. Asarar ta kai fam miliyan 827, bankin da aka kafa tun 1762 ya durƙushe a watan Fabrairun shekarar, aka sayar da shi ga bankin ING na ƙasar Holland a kan fam ɗaya. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne shi ke yin cinikin, kuma shi ke shugabantar ofishin da ya kamata ya tantance lissafinsa a Singapore.