Katan nawa zan saro a tafiya ɗaya? Amsoshi kan lissafin EOQ

Malam, wai mene ne wannan EOQ da ake ta faɗa?

Lissafi ne da ke gaya maka yawan kayan da za ka saro a tafiya ɗaya, yadda kuɗin zirga-zirga da kuɗin ajiya za su haɗu su yi mafi ƙanƙanta. Ford W. Harris ya fitar da shi a Amurka a 1913 domin masana'antu, R. H. Wilson ya yaɗa shi daga baya, shi ya sa wasu ke kiransa lissafin Wilson.

```
Q = √(2DS / H)
```

Q yawan kayan da za ka saro a tafiya ɗaya, D kayan da kake sayarwa a shekara, S abin da tafiyar sari ɗaya ke ci, H kuɗin ajiye katan ɗaya na tsawon shekara.

Siton nawa ne na kaina, ba na biyan haya. Ashe ba ni da kuɗin ajiya?

Kana da shi, Alhaji, kuma na gaji da maimaita wannan. Katan ɗin da ke jibge a sito kuɗinka ne a kwance. Da ka juya su a sukari ko man girki da sun haifar maka da wani abu, kuma wannan ribar da ta wuce ka ita ce kaso mafi girma a cikin H. Sai ka ɗora ɓarnar ɓera, da danshi, da wanda ya fashe wurin sauke lodi, da wanda yaron shago ya yi gaba da shi. Duk wanda ya sa H ƙarami don sito nasa ne, lissafin zai ce masa ya kwaso kaya fiye da ƙima, shi kuma ya je ya kwaso.

A ba mu misali da lambobi.

A ce kana da shago a Haɗeja, kana saro taliya a kasuwar Singa da ke Kano. Kana sayar da katan 300 a wata, wato 3,600 a shekara. A ce katan naira 15,000 ne. Kowace tafiya, tsakanin kuɗin motarka zuwa da dawowa, abinci, katin waya da cinikin da ke wuce ka ranar da ba ka shago, tana cin naira 25,000. Ajiya kuma ka ƙiyasta ta a kashi 30 cikin ɗari na farashi a shekara, wato naira 4,500 kan kowane katan.

Ninka 3,600 da 25,000 da 2, ka raba da 4,500, za ka samu 40,000. Danna alamar √ a kalkuletar wayarka, 200 za ta fito. Katan 200 ke nan, tafiya 18 a shekara, kusan duk kwana 20, jarin kowace tafiya naira miliyan 3.

Ga yadda za ka gane ba ka yi kuskure ba. Tafiya 18 sun ci 450,000. Sitonka yana farawa da 200 ya ƙare da babu, saboda haka a tsaka-tsaki katan 100 ne a ajiye, ajiyarsu 450,000. In ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, sake lissafin. Jimla 900,000 a shekara.

Kuɗin dako da na motar kaya fa, a S zan sa su?

In kan kowane katan ake cajinka, a'a. Wannan cikin farashin katan yake, domin ko goma ka saro ko ɗari biyar sai ka biya shi. Abin da ke shiga S shi ne wanda ba ya canzawa da yawan kaya. In shatar mota guda ka yi, kuɗinta ya shiga S, amma fa sai dai har inda motar ta cika. Da zarar ka buƙaci ta biyu lissafin ya sauya.

Lissafi ya ce 200, kuɗina na 150 ne. Na yi asara ke nan?

Kwantar da hankalinka. Da katan 150 za ka yi tafiya 24, kuɗinsu 600,000, ajiya 337,500, jimla 937,500. Bambancin 37,500 ne a shekara guda cur. Da 300 ka saro, jimlar 975,000 ce, ƙarin kashi 8 cikin ɗari. Ko ninkawa ka yi zuwa 400, ƙarin kashi 25 ne, kuma na kuɗin tafiya da ajiya kawai, ban da uwar kuɗin kaya. Wannan ne abin da na fi so a lissafin: ba ya hukunta ƙaramin kuskure. Don haka ka daina ɓata dare kana neman ko H 4,500 ne ko 4,800. Abin da yake kamawa shi ne babban ganganci, irin mai zuwa Kano duk kwana uku ko mai cika sito na wata huɗu.

Dilana ya ce in na ɗauki katan 500 zai rage min naira 300 a kowane ɗaya, kuma ya ce kaya za su tashi. In kwasa?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma a nan ne lissafin Harris ya fi rauni, domin an gina shi a kan cewa farashi ɗaya ne komai yawan da ka saya, kuma ba ya motsi duk shekara. Ka lura ma farashi bai fito a matsayin kansa a ciki ba, ta cikin H kawai ya shiga. Dole ka ajiye shi ka kwatanta jimla da jimla.

Mu fara da ragin. In kullum 500 kake ɗauka, tafiyarka ta koma bakwai da ɗan abu a shekara, kuɗinta 180,000. Katan ya zama 14,700, ajiyarsa 4,410, kuma a tsaka-tsaki 250 ne a sito, wato 1,102,500. Jimla 1,282,500, ta ɗara ta da da 382,500. Amma ragin 300 sau 3,600 ya ba ka 1,080,000. A takarda ka ci kusan 700,000, ka karɓa. Da ragin naira 100 ne kawai, da abin da za ka samu 360,000 ne, ƙarin kuɗin kuma ya kusa 400,000, ka ga an ci ka ke nan alhali kana murna an yi maka sauƙi. A wannan misalin, ragin da bai kai kusan 110 ba bai isa ya sa ka ɗauki 500 ba.

To amma takarda ba ta tambaye ka ko kana da naira miliyan 7 da dubu 350 a hannu ba. In duk jarinka ke nan, gobe mai sayen sukari zai zo ka ce babu, ya tafi maƙwabcinka, wataƙila ya zauna can. A irin wannan hali kuɗinka sun fi kashi 30 tsada, kuma ribar 700,000 ɗin tana iya narkewa. In kuma dilan bashi zai ba ka na wata guda ba tare da ƙarin farashi ba, kuɗinsa ne a kwance ba naka ba, sai maganar ta ƙara daɗi. Ka tambaye shi wannan kafin ka tambayi ragi.

Haka nan ba ta tambayi girman sitonka ba. Lissafin ya ɗauka katan na 500 yana ajiyuwa kamar na farko, kuma ba haka ba ne. Na taɓa shiga siton wani mai shago a watan Agusta, katako na ɗora kaya ya ƙare masa, sai ya jera ragowar a kan siminti. Da muka ɗaga layin ƙasa, kwalin ya yi laushi har gam ɗin ya saki, ledoji suna zubowa, sauran kuma nauyin na sama ya murƙushe taliyar ciki. Layi biyu ya sayar a karye. Ragin da ya sa shi kwasowa bai biya rabin wannan ba. Katan 500 kayan kwana 50 ne a wurinka, saboda haka ka duba kwanan watan lalacewa a jikin kwali tun a gaban dila. Wani lokacin ragin na kayan da suka daɗe a hannunsa ne.

Sai maganar tashin farashi. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: ajiye katan ɗaya wata guda yana cin 375, wato 4,500 raba 12. In ka tabbata za a ƙara naira 1,000, to katan ɗin da za ka sayar nan da wata biyu da rabi ya cancanci saye yau, wanda zai wuce wata uku kuwa bai cancanta ba. Matsalar tana wurin tabbacin. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, waɗanda suka cika sito da yawa sun ci riba, sai wasu suka ɗauka haka abin yake kullum. Farashi yana sauka ma, kuma ranar da ya sauka kai ne da katan 400 na tsohon kuɗi, maƙwabcinka yana sayar da sabo ƙasa da yadda ka saro. Ka tuna kuma wanda ya ce maka kaya za su tashi shi ne mai son rabuwa da su.

In ni ne, in jarin taliyar bai wuce abin da zan iya mantawa da shi na wata biyu ba, sito a bushe yake, kwanan watan yana da nisa, zan ɗauki 500 saboda ragin 300 kaɗai. Tashin farashi in ya zo, ƙari ne. In ɗaya daga cikin ukun ya gaza, zan nemi wani mai shago mu haɗa 500 ɗin mu raba.

Da azumi ciniki yana ninkawa. In yi amfani da na shekara?

Kada ka yi. Lissafin ya ɗauka katan goma kake sayarwa kullum, Janairu zuwa Disamba. In da azumi 600 kake sayarwa a wata, yi masa lissafinsa daban kamar D 7,200 ne, zai ba ka kusan 283. Ciniki ya ninka amma sari bai ninka ba, tafiya ce za ta ƙaru. Sarin ƙarshe kafin salla kuma ka rage shi, kada kayan su yi maka kwantai.

Ai ba taliya kaɗai nake sarowa ba, tafiya ɗaya nake haɗa komai.

To me ya sa kake ɗora wa taliya 25,000 ɗin ita kaɗai, sannan ka sake ɗora wa sabulu, ka sake ɗora wa madara? Mutane suna yin wannan sai kowane kaya ya fito da adadi mai kumbura. Lissafin na kaya ɗaya ne. Haɗa duka a naira: D ya zama jimlar kuɗin kayan da kake sarowa a shekara, H ya zama 0.3, amsar ta ba ka nawa za ka kashe a kowace tafiya. Daga nan ka san duk kwana nawa za ka je, kowane kaya kuma ka sayi na waɗannan kwanakin. Wanda ba ya tafiya da sauri, ka saye shi tafiya ɗaya ka tsallake ɗaya.

Zai gaya min ranar da zan tafi sari?

A'a, yawa kawai yake faɗa. Ya ɗauka kaya suna isowa daidai lokacin da na ƙarshe ya fita, mota ba ta lalacewa, dila ba ya cewa babu. In daga oda zuwa sauke kaya kwana uku ne, kana sayar da goma a rana, to katan 30 ne iyakarka. Ƙara wasu 20 ko 30 saboda ranar da direba zai kwana a hanya, ka ja layi da alli a bangon sito daidai inda kayan ke kaiwa in saura katan 60. Ranar da ka ga layin ya fito, kira dila.